Ranar ƙarshen hutu daban, ranar dawowa daban

Tambaya: “Assalamu alaikum. Ni ce nake riƙe da fayil-fayil na ma'aikata goma sha huɗu a wani shagon sayar da magani a nan Bauchi. Wata ma'aikaciya ta tafi hutu, ita ta ce ranar Laraba aka ce ta dawo, shugabanmu ya ce Litinin, wanda aka ce zai riƙe mata aiki kuma ya ce shi ba wanda ya gaya masa. An umarce ni in tsara fom na neman hutu. Don Allah waɗanne gurabe ya kamata in sa domin kada irin wannan ta sake faruwa?”

Wa alaikumus salam, Malama. Na karanta tambayarki sau biyu kafin in iya amsawa, domin ta tayar mini da wani miki da nake zaton ya warke. Abin da ya sami ma'aikaciyarku ya same ni a nan Gombe a shekarar 2023, lokacin da nake kula da sito a wani kamfanin sayar da taki da irin shuka, kuma nawa bai tsaya a cacar baki ba, sai da ya taɓa albashina da mutuncina. Saboda haka ki yi haƙuri idan na tsawaita.

Fom ɗinmu na wancan lokacin rabin takarda ne mai gurabe biyar: suna, ranar farawa, kwana nawa, sa hannun ma'aikaci, sa hannun manaja. Takardar ɗaukata aiki ta ce ina da hutun kwana 21 a shekara, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Da aka sa ranar yi wa mahaifina tiyata a Kano, na cika fom, na rubuta Litinin 5 ga Yuni a gurbin farawa, na rubuta 21 a gurbin kwanaki, manaja ya sa hannu yana amsa waya, ko duban takardar bai yi ba. Ina roƙonki ki ɗauko kalandar 2023 ki bi lissafin da yatsa, domin a nan duk fitinar take. Wanda ya ƙirga kwanaki a jere, da Asabar da Lahadi a ciki, zai ga kwana na 21 ya faɗa ranar Lahadi 25 ga Yuni, ke nan a ganni a bakin aiki Litinin 26. Wanda ya ƙirga Litinin zuwa Juma'a kawai, ba tare da ya cire hutun gwamnati ba, zai kai kwana na 21 ranar Litinin 3 ga Yuli, dawowa Talata 4 ga Yuli. Wanda kuma ya cire ranar Dimokuraɗiyya ta 12 ga Yuni, ya cire Laraba 28 da Alhamis 29 ga Yuni da gwamnatin tarayya ta bayar na Babbar Sallah, zai ƙare hutunsa Alhamis 6 ga Yuli, ya dawo Juma'a 7. Manaja yana kan lissafi na farko, akawun ofis yana kan na biyu, ni ina kan na uku, alhali takarda ɗaya muke kallo, kuma tsakanin ranar manaja da tawa akwai kwana goma sha ɗaya.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, manajan nan ya kira ni ranar Talata 27 ga Yuni, jajiberin Sallah, ina zaune a kan tabarma a barandar asibiti da robar magani a hannu. Ya tambaye ni jikin Baba, sannan ya ce yaushe zan dawo, na ce masa Juma'a 7 ga Yuli in sha Allahu. Amsar da ya ba ni ita ce, “To, Allah ya ƙara sauƙi.” Bai ce mini ina ƙetare iyaka ba, bai ce in dawo ba, bai ce lissafinsa ya saɓa da nawa ba. Ranar da na dawo, tun kafin in ajiye jakata, masinja ya miƙo mini takardar tuhuma cewa na ƙi zuwa aiki kwana bakwai ba izini, kuma an ba ni sa'o'i 24 in kare kaina. Da na shiga ofishinsa na tuna masa wayar da muka yi, sai ya dube ni a gaban akawu da direbobi biyu ya ce shi gaisuwar mara lafiya ya kira ya yi, addu'a kuma ba amincewa ba ce. Na yi shekara shida ina buɗe masa sito tun kafin rana ta fito da damina, na je sunan 'ya'yansa biyu, amma a ranar nan ya yi kamar bai taɓa ganina ba. Ban iya cewa komai ba, na fita na tsaya a gindin darbejiyar da ke bakin ƙofa har aka kira sallar Juma'a.

Don haka gurbin da zan fara roƙonki da shi, kada ki bar ranar ƙarshen hutu ita kaɗai, kuma kada ki bar yawan kwanaki shi kaɗai. Ki sa gurabe uku a jere: ranar farko ta hutu, ranar ƙarshe ta hutu, da ranar da za a ga ma'aikaci a bakin aiki. Wannan na ukun shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ne wanda ake rigima a kansa, domin idan aka rubuta “zuwa Litinin” wani zai fahimci Litinin tana cikin hutu, wani zai fahimci ita ce ranar dawowa. A kowane gurbi a rubuta sunan ranar mako, a kuma rubuta sunan watan da haruffa. Sunan ranar yana kama kuskure, domin idan mutum ya rubuta Laraba 6 ga Yuli 2023, duk wanda ya duba kalanda zai ga Alhamis ce, sai a gyara tun kafin a sa hannu. Sunan watan kuma yana hana wata matsala da na gani da idona: 06/07/2023 a wurinmu 6 ga Yuli ne, amma kwamfutar da aka saita ta kan tsarin Amurka za ta karanta shi 7 ga Yuni. Tunda shagonku na magani ne kuma ana karɓa-karɓa, ki ƙara lokacin da zai kama aiki, na safe ko na yamma, domin wanda aka ce ya dawo Laraba yana iya zuwa ƙarfe biyu na rana alhali ana jiransa tun takwas.

Sai maganar irin lissafin. A ƙarƙashin gurbin yawan kwanaki ki buga jimla guda da kowa zai sa hannu a kanta, wadda take faɗin cewa ana ƙirga hutu da ranakun aiki ko da ranakun kalanda, ta faɗi waɗanne ne ranakun aiki a wurinku, ta kuma faɗi ko hutun gwamnati yana shiga. Kada ki ɗauka kowa ya sani. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 18, ta ce ma'aikacin da ya cika wata goma sha biyu yana aiki a jere yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi, wato ita kanta dokar da ranakun aiki take magana. Gwamnatin tarayya ma a 2022 ta fitar da sanarwa ga ma'aikatanta cewa da ranakun aiki za a riƙa lissafin hutu. Amma wannan sanarwa ba ta ɗaure ɗan kasuwa ba, kuma abin da ya haura kwana shidan nan yarjejeniya ce tsakanin ma'aikaci da mai wurin, don haka idan yarjejeniyar ta yi shiru, wanda ya fi ƙarfi shi ne zai fassara ta. A wurinmu takarda ta ce Litinin zuwa Juma'a, muna leƙawa Asabar da damina don taimako kawai, amma ranar rigima har wannan Asabar ɗin sai da aka so a mayar da ita hujja a kaina. Ku da kuke buɗewa har Lahadi, dole ku fayyace cewa ranar hutun mako ta kowane ma'aikaci ita ake cirewa.

Sallah kuma tana da tata matsalar da ba a samu a Kirsimeti ko 1 ga Oktoba, domin ba a sanin ranarta tabbas sai an ga wata. Ranar da na cika fom ɗina ba a riga an sanar da ranakun hutun Babbar Sallah ba. Ki tuna Ƙaramar Sallar 2024, inda aka ba da Talata 9 da Laraba 10 ga Afrilu, da ba a ga wata ba aka ƙara Alhamis 11. Ga kuma hutun da gwamnan jiha kan bayar nasa daban. Duk fom ɗin da aka cika kafin irin wannan sanarwa, lissafinsa yana iya gocewa da kwana guda. Mafita biyu ce, ki sa shugabanku ya zaɓi ɗaya a rubuta ta a jikin fom: ko dai ranar dawowa ta matsa gaba, ko kuma ta zauna daram a mayar wa ma'aikaci kwanan cikin ragowar hutunsa. Ni ta biyun nake ba ki shawara, domin wanda yake riƙe da aikin ya riga ya shirya kansa a kan rana guda, kuma ba kowa ne yake bin labarai yana gyara lissafi daga ƙauye ba. Idan kina aiki da Excel, ki sa ranar farko a B2, ranar ƙarshe a C2, ranakun hutun gwamnati a H2 zuwa H20, sai ki tabbatar da lissafin ma'aikaci da wannan:

```
=NETWORKDAYS(B2,C2,H2:H20)
=WORKDAY(C2,1,H2:H20)
```

Layi na farko yana ba ki yawan ranakun aiki, da ta farko da ta ƙarshe a ciki, na biyu kuma yana ba ki ranar dawowa. Dukansu suna ɗaukar Asabar da Lahadi a matsayin hutu, don haka idan Asabar ranar aiki ce a wurinku sai ki nemi NETWORKDAYS.INTL da WORKDAY.INTL, ki sa lamba 11 a gurbin ƙarshen mako, wadda take nufin Lahadi kaɗai.

Ban ma gaya miki mafi munin abin ba. Kafin in tafi, manaja ya ce mini da baki wani yaro mataimakin akawu zai riƙe sito. Na miƙa masa makulli a tsakar gida ranar Juma'a da yamma, ina sauri in shirya tafiya, ba mu ƙirga ko buhu ɗaya tare ba, ba mu rubuta komai ba. A cikin wata gudan nan tirela uku ta sauke kaya, kowace buhu 600, ga dillalai daga Kumo da Bajoga da Dukku suna ɗiba kullum, domin lokacin sa taki ne. Da na dawo aka yi ƙidaya, sai aka ga buhu 38 na yuriya sun yi ɓatan dabo tsakanin littafi da abin da ke ƙasa. Yaron ya ce shi makulli kawai aka ba shi, ba a ce masa shi ne mai sito ba, kuma akwai ranakun da manaja da kansa ya karɓi makullin ya ba direbobi. Manaja ya ce shi bai san da wannan ba, sunana ne a kan sito. Ni kuma ba ni da wata takarda da za ta nuna buhu nawa na bari ranar da na tafi. Kalmar ɓarawo ba wanda ya furta ta, amma na ga yadda 'yan dako da muke cin abinci tare suka daina haɗa ido da ni, kuma wannan ya fi mini zafi a kan kuɗin. Daga ƙarshe mai kamfanin ya zauna da mu, ya ɗauki lissafin akawu na 4 ga Yuli aka yanke mini albashin kwana uku, buhunan kuma aka raba mana biyu ni da yaron, sha tara-sha tara, ana cira a albashi wata-wata. Manajan ko sisi bai biya ba. Yaron nan ban taɓa riƙe shi a zuciya ba, domin shi ma an jefa shi cikin abin da bai sani ba ne.

Shi ya sa nake cewa gurbin sunan mai riƙon aiki, idan suna ne kawai, ba shi da amfani, domin kowa yana iya rubuta sunan kowa. Dole mai riƙon ya sa hannu da kansa, da kwanan wata, a ƙarƙashin jimlar da take cewa ya yarda zai riƙe aikin wane daga rana kaza zuwa rana kaza, kuma a sa hannun nan kafin takardar ta kai teburin shugaba. Ki sa ranakun riƙon su tashi daga ranar farko ta hutu har zuwa ranar da aka mayar da aikin hannu da hannu, kada su tsaya a ranar ƙarshen hutu, domin Asabar da Lahadin da ke tsakani su ne ranakun da ba su da mai su. Sannan ki bar fili mai faɗi, ko takarda ta biyu da za a maƙala, inda za a rubuta abin da aka miƙa da adadinsa: makullai nawa kuma na ina, kuɗin da ke cikin aljihun tebur, lambar rasit ta ƙarshe da aka yanka, bashin da ake bin masu saye, odar da ake jira. A shagonku abin da ya fi haɗari shi ne akwatin magungunan da ake kullewa da littafinsu, a ƙirga su tare a rubuta, mutum biyu su sa hannu, a kuma tabbatar wanda zai riƙe yana da cancantar riƙe irin wannan aikin. Ki ƙara layi guda na iyakar ikonsa, ko zai iya ba da bashi, ko zai iya karɓar kaya daga masu kawowa, da kuma wanda zai tambaya idan abu ya fi ƙarfinsa. Da akwai layin da ya ce ba a ba kowa makulli sai an rubuta a littafi, da yaron nan ya sami abin da zai kare kansa da shi ranar da manaja ya miƙo hannu.

Na manta ban ce miki ba, ki duba ko mai riƙon shi ma ba shi da hutun da zai shiga cikin waɗannan ranaku, kuma ba ya riƙe wa wani aiki a lokacin. Da azumi da Sallah da lokacin aikin Hajji an fi samun wannan, mutum ɗaya mai haƙuri sai a rubuta sunansa a fom uku.

Ɓangaren shugaba kuma ki raba shi da na ma'aikaci. Kada shugaba ya sa hannu a kan ranakun da aka nema kawai, ya rubuta da hannunsa ranakun da ya amince da su da ranar dawowa, ko da daidai suke da waɗanda aka nema. Na san za ki ce maimaici ne, amma da manajana ya rubuta “26 ga Yuni” da bironsa a ranar nan, da a take zan ce masa ba haka na lissafa ba, mu daidaita cikin minti biyu, in san yadda zan yi da ƙannena su karɓe ni a asibiti. Ina kuma zargin wannan tambayar taki daga nan ta samo asali, wataƙila ma'aikaciyar ta nemi Laraba, shi shugaban ya rage zuwa Litinin a zuciyarsa ko a wata magana ta tsaye, takarda ba ta nuna ba. Idan ya rage kwanaki, ma'aikaci ya sake sa hannu cewa ya ga canjin. A sa ranar da aka miƙa fom da ranar da aka amince, domin a san ba a tafi kafin izini ba. A sa kwanakin da yake da su kafin wannan hutun, waɗanda zai ci, da waɗanda suka rage, a kuma nuna wane irin hutu ne, na shekara, na rashin lafiya, na haihuwa ko na uzuri, tunda ba asusu ɗaya ake cirar su ba. Na rashin lafiya, alal misali, dokar ƙwadago ta ba shi har kwana goma sha biyu na aiki a shekara idan akwai takardar likita, bai kamata a zaftare shi daga na shekara ba.

Ita kuma wayar nan ta jajiberin Sallah ita ta koya mini gurbin canji bayan tafiya. Mutane suna ƙara kwana saboda rasuwa ko jinya, ana kuma kiran mutum ya katse hutunsa, duk wannan ba laifi ba ne. Ki bar wani sashe a ƙasan fom da za a rubuta ranar da aka nemi canjin, wanda ya nema, ta wace hanya, sabuwar ranar dawowa, da wanda ya amince, a kuma sanar da mai riƙo ya sake sa hannu. Ki buga a jikinsa cewa maganar waya ba ta zama izini sai an biyo ta da rubutaccen saƙo, ko na tes ko na WhatsApp, wanda shugaba ya amsa a fili da kalmar amincewa da kuma ranar. Da na san haka, ina ajiye waya zan tura masa saƙo in ce, “Ranka ya daɗe, kamar yadda muka yi magana, zan dawo Juma'a 7 ga Yuli,” in ya yi shiru in sake kira. Na yi zaton zumuncin shekara shida ya wuce a nemi shaida.

Ranar dawowa kuma a cika layi na ƙarshe, rana da lokacin da ya kama aiki, a sake ƙirga abin da aka miƙa, shi da mai riƙo su sa hannu. Ki yi kwafi uku, ɗaya a fayil, ɗaya ga mai tafiya, ɗaya ga mai riƙo, kuma ki ce wa mai tafiya ya ɗauki hoton nasa a waya kafin ya bar ofis. Nawa fom ɗin, da na nemi a nuna mini shi ranar tuhuma, sai da aka yi kwana biyu ana cewa ana nema.

Game da ma'aikaciyarku ta yanzu, Malama, ina roƙonki ki yi wa shugabanku magana cikin ladabi kada a yanke mata albashin Litinin da Talata, tunda babu takardar da ta nuna wace ranar aka yi da ita. A cire kwana biyun daga ragowar hutunta idan ya zama dole, a rubuta hakan ta sa hannu. Shi kuma wanda ya ce ba a gaya masa ba, ki tambayi wanda ya ce ya gaya masa, a ina kuma a gaban wa, kafin a ɗora masa laifi. Idan kin gama tsara fom ɗin ki ɗauki ranakun nan nawa na Yuni 2023 ki ba mutum uku a shagonku su cika shi kowa daban, ba tare da sun yi shawara ba, ki ga ko ranar dawowa ɗaya za su fitar.